Kundin aikin furofayil ɗin ciniki: neman dalilin da ya sa POC ɗina da na abokina ba sa haɗuwa

Asabar, 18 ga Oktoba, 2025

Gardama ce ta haifi wannan aiki. Ni da abokina da ke Zariya muka buɗe jadawalin Bitcoin na rana ɗaya, kowa ya ɗora `Volume Profile` a kan nasa, sai layin POC ɗinsa ya sauka kusan dala ɗari uku ƙasa da nawa. Ya ce nawa ne ya karkace, na ce nasa ne. Da muka gaji sai na ce masa, "Mutumina, bari in gina abin da hannuna daga ɗanyen bayanan ciniki, sai mu ga wa ke da gaskiya." Wannan kundi shi ne inda zan riƙa rubuta abin da na tarar.

Bari in fara da fayyace abin da nake ginawa, ko don in dawo in karanta idan na rikice. Sandunan yawan ciniki da muka saba gani a ƙasan jadawali suna amsa tambaya ɗaya ce: a wane lokaci aka yi ciniki da yawa? Furofayil kuwa yana kwantar da sandunan a gefen jadawalin, ya amsa wata tambayar daban: a wane farashi aka yi cinikin? Ana yanka farashi mataki-mataki kamar tsani, a tara duk abin da aka saya aka sayar a kan kowane mataki. Matakin da ya fi kowanne tara ciniki shi ne POC, ni kuma ina kiransa cibiyar ciniki. Dillalin hatsi a Dawanau ya san wannan ba tare da kwamfuta ba. Ka tambaye shi yadda masara ta kwana, ba zai kawo maka farashin buhu ɗaya da wani mai gaggawa ya saya da tsada ba, zai faɗa maka farashin da akasarin buhunan suka tafi a kai.

Daga cibiyar sai a faɗaɗa sama da ƙasa har a tattaro kashi 70 cikin ɗari na cinikin ranar. Wannan shi ne yankin ƙima. Bakinsa na sama ana rubuta shi VAH a allo, na ƙasa VAL.

Tushen abin daga Chicago yake. J. Peter Steidlmayer, ɗan kasuwa a Chicago Board of Trade, shi ya ɓullo da Market Profile a shekarun 1980. Nasa tsarin lokaci yake ƙirgawa: kowane rabin awa yana da harafinsa, duk farashin da aka taɓa a cikin rabin awar sai a sa masa harafin. Furofayil ɗin ciniki ɗan'uwansa ne da ke ƙirga yawan kaya maimakon lokaci. Kashi 70 ɗin ma daga lissafin ƙididdiga aka aro shi, inda kimanin kashi 68 na bayanai ke taruwa kusa da tsakiya idan rabon ya yi siffar ƙararrawa. An cike shi zuwa 70 ne kawai. Kasuwa ba ta sa hannu a wannan yarjejeniya ba.

Zan gwada abu uku: Bitcoin a kasuwar sifot, wato inda ake biya a karɓi kaya nan take; Bitcoin a kwantiragin fiyucas marar wa'adi, wato alkawarin saye ko sayarwa da ba shi da ranar ƙarewa; da kwantiragin ES na kasuwar CME, wanda ke bin S&P 500, ma'aunin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka. Karanta bayanan fiyucas kawai nake yi, ba shiga nake ba. Hukuncinsa a shari'a magana ce ta malamai, ba ta wannan kundi ba.

Talata, 21 ga Oktoba

Na sauko da fayilolin `aggTrades` na BTCUSDT daga `data.binance.vision`, na sifot da na fiyucas, kwana goma-goma. Kowane layi a fayil ɗin ciniki ne da ya auku: farashi, yawa, lokaci, da alamar ko mai saye ne ya jira ko mai sayarwa. Gina tsanin kansa bai wuce layi uku ba:

```python
df["row"] = (df["price"] // 50) * 50
prof = df.groupby("row")["qty"].sum()
poc = prof.idxmax()
```

Layin farko yana jefa kowane ciniki cikin matakin dala hamsin. Cinikin da aka yi a 100,173 zai faɗa matakin 100,150. Na biyu yana tarawa, na uku yana zaɓo mafi girma.

Dare ɗaya ya tafi a kan shirme na kaina. Fayil ɗin fiyucas ya buɗe lafiya, na sifot kuwa kwamfuta ta ƙi, wai kwanan watan ya wuce iyaka. Ashe tun daga 1 ga Janairun 2025 lokacin da ke cikin fayilolin sifot da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ake rubuta shi, na fiyucas kuma da kashi ɗaya cikin dubu. An rubuta wannan a bayanin fayilolin, ni ne ban karanta ba. Na sa `unit="us"` a ɗaya, `unit="ms"` a ɗayan, magana ta ƙare.

Asabar, 25 ga Oktoba

Yau na zauna a kan yankin ƙima, kuma a nan na fara ganin inda gardamarmu ta samo asali. Don in tabbatar lissafina daidai yake, na ƙirƙiri ƙaramin tsani mai mataki goma sha biyu, jimillarsa BTC dubu ɗaya cif, yadda zan iya bin sa da biro. Ba farashin wata rana ba ne, na gwaji ne:

```
100400    20
100350    35
100300    60
100250    90
100200   130
100150   170
100100   150
100050   110
100000    95
 99950    70
 99900    45
 99850    25
```

Cibiya a fili take, 100,150 mai BTC 170. Abin da ake nema shi ne 700.

Tsohuwar hanya mataki biyu-biyu take ɗauka. Ka haɗa biyun da ke saman cibiya, ka haɗa biyun da ke ƙasanta, wanda ya fi nauyi shi za ka shigar. Na sama 130 da 90 ne, 220 ke nan. Na ƙasa 150 da 110, wato 260. Ƙasa ta yi rinjaye, jimilla ta zama 430. Zagaye na biyu, na sama har yanzu 220 ne, na ƙasa yanzu 95 da 70, wato 165. Sama ta ɗauka, mun kai 650. Saura hamsin a cika. Zagaye na uku, sama tana da 60 da 35, 95 ke nan, ƙasa tana da 165 ɗinta. Aka shigar da ƙasa, jimilla ta tsallake zuwa 815. Yankin ya kama daga 99,950 zuwa matakin 100,250, kuma abin da ke cikinsa ya haura kashi 81, ba 70 ba.

Sai na sake bi da mataki ɗaya-ɗaya. Daga 170, na kwatanta 130 da 150, na ɗauki 150, ya zama 320. Sai 130 da 110, na ɗauki 130, 450. Sai 90 da 110, 560. Sai 90 da 95, 655. Na ƙarshe 90 da 70, na ɗauki 90, aka tsaya a 745. Yanzu VAL ya zauna a 100,000, ba 99,950 ba.

Bayanai ɗaya, kashi 70 ɗaya, amma bakin ƙasa ya bambanta da dala hamsin, don kawai yadda ake ƙirgawa. Babu wanda ya yi kuskure a ciki. Kuma kowace hanya ka bi sai ka zarce 70, domin ba a raba mataki gida biyu. Iya kaurin matakanka, iya zarcewar. Akwai ma wata ƙaramar matsala da sai mai rubuta lissafin ke cin karo da ita: idan sama da ƙasa suka yi kunnen doki, wanne za a ɗauka? Dole mutum ya yanke wa kansa. Ni na zaɓi wanda ya fi kusa da cibiya, in nan ma sun yi daidai in ɗauki sama. Wani zai zaɓi akasin haka, VAH ɗinsa ya goce da nawa.

Na tsaya a kan mataki ɗaya-ɗaya, tunda shi ya fi kusantar 70. Abin da na daina daga yau shi ne kallon VAL kamar katangar siminti. Wanda ya kafa odar tsayar da asara dala goma a ƙasan VAL, ya jingina kuɗinsa ne da layin da zai iya matsawa da dala hamsin idan an canja manhaja.

Laraba, 29 ga Oktoba

Na nemi abokina ya turo mini hoton saitinsa. Abu biyu na gani nan take.

Na farko, shi `Number of Rows` ya zaɓa, ya sa adadi. Ma'ana manhajar za ta ɗauki tazarar da ke tsakanin ƙololuwar farashi da ƙasansa ta raba gida-gida daidai wannan adadi. Ranar da kasuwa ta yi tafiyar dala 1,200, in layukan 24 ne, kowane mataki dala hamsin ne. Ranar da ta yi tafiyar 4,800, matakin ya zama dala ɗari biyu. Ma'auninsa yana canjawa kullum bai sani ba. Ga shi kuma `Visible Range` yake amfani da shi, wanda ke lissafa iya abin da ke kan allo. Da ya ja jadawalin hagu ko dama da yatsa, furofayil ɗin ya sake sabon lissafi.

Kaurin mataki ba ƙaramin abu ba ne, musamman ranar da furofayil ya yi tozo biyu. A ce a sama akwai mataki ɗaya siriri mai 170, maƙwabtansa 50 da 40, wataƙila wani babban ɗan kasuwa ne ya sauke kaya a wuri ɗaya. A ƙasa kuma akwai tudu mai faɗi: 150, 145, 140 a jere. Da matakin dala hamsin, cibiya tana kan siririn nan na sama. Ka mai da matakin dala ɗari, siririn ya haɗu da maƙwabcinsa ya zama 220, tudun ƙasa kuma 150 da 145 suka zama 295. Cibiya ta yi ƙaura gaba ɗaya zuwa ƙasa. Wannan ne ya faru ranar gardamarmu: ni ina kan tozon sama, shi yana kan na ƙasa. A ganina nasa ya fi kusa da gaskiyar inda kasuwa ta zauna, ko da yake da sa'a ya same shi. Na faɗa masa rabin farko na wannan magana, rabi na biyu na bar wa kundi.

Gwajin da na ɗauka yanzu mai sauƙi ne. Ina gina furofayil sau uku, da matakin dala 25, 50 da 100. Idan cibiyoyin uku suka faɗo wuri ɗaya, na yarda da ita. Idan suka watse, to ranar ba ta da cibiya ɗaya, sai in zana duka tudun biyu in lura da kwarin da ke tsakaninsu. Kwarin nan, inda ciniki ya yi ƙaranci, yakan zama wurin da farashi ke ratsawa da gudu, tunda ba a taɓa daidaitawa a kai ba.

Abu na biyu ya fi ɓoyuwa. Yawancin manhajojin jadawali ba daga ciniki ɗaya-ɗaya suke gina furofayil ba, daga ƙananan kyandirori suke ƙiyasta shi, wato sandunan da kowannensu ke taƙaita motsin farashi na wani ɗan lokaci. Kyandir na minti ɗaya ya san an yi cinikin BTC 40 tsakanin 100,000 da 100,200, amma bai san inda aka yi su a cikin tazarar ba. Na rubuta sigar da ke raba su daidai, goma-goma a mataki huɗu, na kwatanta da ɗanyen bayanan. A lokacin da kasuwa ke kwance bambancin ba ya da yawa. A mintin da farashi ya zabura kuwa, ƙila talatin daga cikin arba'in ɗin a matakin ƙasa aka yi su kafin zaburar, ƙiyasin sai ya cike kwarin da ya kamata a gani fayau. Idan aka faɗaɗa zuwa furofayil na wata uku, manhaja takan koma kyandirori masu tsawo, ƙiyasin ya ƙara kauri.

Talata, 4 ga Nuwamba

Na shiga ES, kuma na fara da faɗuwa.

Shi ES ba ya da matsalar mataki sosai. Ƙaramin motsinsa 0.25 ne, darajarsa dala 12.50 a kwantiragi ɗaya, maki ɗaya kuma dala 50. Duk cinikinsa a kasuwa ɗaya ake yi, don haka adadin da ka gani shi ne adadin duniya baki ɗaya. Wannan ne ya sa furofayil ya fi zama daram a kan irin waɗannan kwantiragi, don a kansu aka ƙirƙiro shi. Matsalarsa ita ce wace rana kake nufi. Ana cinikinsa kusan awa 23 a yini, amma kasuwar hannun jari ta New York daga 9:30 na safe zuwa 4:00 na yamma take aiki a agogonsu, kuma a nan mafi yawan cinikin yake. Furofayil na waɗannan awanni shida da rabi daban, na yini cikakke daban. Yawancin ƙa'idojin da ake yawo da su a kan yankin ƙima, na zaman rana ne aka tsara su.

Ni kuma na rubuta lokacin buɗewa da agogon gida, 2:30 na rana, na rufewa 9:00 na dare. Makon jiya daidai ne. Ranar Lahadi 2 ga Nuwamba Amurka ta mai da agogonta baya da awa ɗaya, mu namu ba ya motsi. Jiya Litinin kasuwar ta buɗe ne 3:30 a agogonmu, ta rufe 10:00. Furofayil ɗina ya kwaso awa ɗaya ta kafin buɗewa, mai ƙarancin ciniki, ya yanke awar ƙarshe, wadda ke cikin mafi nauyin yini saboda cinikin rufewa. Abin da ya tona asirin shi ne jimillar ranar da ta faɗi ƙasa da ta sauran kwanaki babu dalili. Tun daga nan na ƙara wa shirin gargaɗi: idan jimillar yini ta kauce sosai daga ta kwana goman baya, ya tsaya ya sanar da ni kafin ya zana komai. Lokacin kuma na mai da shi `America/New_York`, agogon ya riƙa gyara kansa.

Bitcoin ba ya rufewa, don haka "rana" a wurinsa yarjejeniya ce kawai. Kyandir na yini yana farawa 00:00 UTC, ƙarfe ɗaya na dare ke nan a Najeriya da Nijar. Na bar shi a haka don in yi daidai da yawancin masu kallo. Layi yana samun wani ɓangare na ƙarfinsa ne daga yawan idanun da ke kansa, ba na son in zama ni kaɗai ke kallon nawa.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Mako biyu ina jera furofayil ɗin sifot da na fiyucas gefe da gefe. Siffarsu takan yi kama, amma ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba, kuma sai da na yi lissafi a takarda abin ya zauna mini.

A sifot, BTC ɗaya a furofayil yana nufin BTC ɗaya ya bar hannu ya shiga wani hannu, an biya kuɗinsa cikakke. A fiyucas alkawari ne ake saye da sayarwa, da jingina kaɗan. Mutum mai dala dubu ɗaya, in ya ninka ƙarfinsa sau ashirin, yana juya dala dubu ashirin, wato BTC 0.2 idan farashi na dubu ɗari. Ya shiga ya fita sau biyar a yini, ciniki goma ke nan, ya zuba BTC 2 a furofayil, alhali ko ƙwayar Bitcoin bai taɓa riƙewa ba, kuma kafin dare ba shi da komai a kasuwar. Shi ya sa cinikin fiyucas yakan ninka na sifot, shi ya sa kuma tudu a furofayil ɗinsa ba hujja ba ce cewa akwai masu kaya a wurin da za su kare farashin idan ya dawo. Furofayil ba ya bambance buɗe matsayi da rufe shi. Wanda ke son sanin ko cinikin ya bar wani abu a baya sai ya duba `Open Interest`, adadin kwantiragin da ke buɗe har yanzu. Tudu da wannan adadi ya hau tare da shi, sababbin matsayi ne aka gina. Tudu da adadin ya sauka a kansa, mutane ne ke ficewa.

Mafi munin misali shi ne lokacin da ake rufe wa mutane matsayi dole saboda jinginarsu ta ƙare. Nan furofayil ɗin fiyucas yakan yi ƙullutu a can gefen tazarar yini, inda aka yi ta sayarwa ba da son rai ba cikin 'yan mintuna. Idon da bai sani ba zai ce an amince da wannan farashi. A sifot wurin yakan fi sirancewa. Idan na ga tudu a fiyucas kaɗai, sifot bai san da shi ba, ina sa masa alamar tambaya. Idan duka biyun suka nuna shi, na fi ba shi nauyi.

Sifot ma yana da nasa ciwon. Cinikin Bitcoin a warwatse yake a kasuwanni da dama, Binance, Coinbase, Kraken da sauransu, ga kuma nau'in kuɗin da ake saye da shi, USDT ko dala ko wani. Furofayil na kasuwa ɗaya yanki ne na hoton. Wanda ya ɗora shi a kan ƙaramar kasuwa yana auna ruwan kwata ne ya kira shi kogi.

Akwai kuma tazarar farashi tsakanin biyun. Kwantiragi marar wa'adi yana bin sifot ne ta hanyar kuɗin da ɓangare ɗaya ke biyan ɗayan lokaci-lokaci, a BTCUSDT na Binance duk awa takwas, amma ba sa zama daidai cif. Tazarar dala talatin ko arba'in ta isa ta jefa ciniki a wani matakin daban idan matakin na hamsin ne. Layin da aka ciro daga sifot, a kan jadawalin sifot ake amfani da shi. In za a kai shi ɗaya gefen, sai an gyara da tazarar.

Ƙari ɗaya da na kusa mantawa: da me ake auna yawan? A furofayil na yini babu ruwanka, amma na dogon zango yana da tasiri. BTC 100 a farashin 60,000 dala miliyan shida ne. BTC 70 a 100,000 dala miliyan bakwai ne. In da BTC kake ƙirga, cibiya tana ƙasa. In da dala ne, tana sama. Na zaɓi BTC, na rubuta hakan a saman kowane hoto.

Talata, 25 ga Nuwamba

Abokina ya koma zinare. Ya turo hoton XAUUSD daga MetaTrader da furofayil a kai, yana tambaya ko shirin nawa zai iya tantance masa. Ba zai iya ba, domin babu abin tantancewa. Zinaren sifot da canjin kuɗi ba su da kasuwa ɗaya da ke tattara adadin ciniki. Abin da ke cikin manhajarsa `Tick Volume` ne, wato sau nawa farashi ya motsa a wurin dillalinsa. Motsi ɗaya na iya zama na oza ɗaya ko na dubu. Yana nuna inda aka yi hayaniya, ba inda aka sauke kaya ba, kuma dillali biyu za su ba da hoto biyu. Na ce masa in adadi na gaske yake so, ya dubi GC na COMEX, mai oza 100 a kwantiragi, ko 6E idan yuro ne. Sai dai ya tuna farashin GC ba daidai yake da na XAUUSD ba, sai ya cire tazarar kafin ya kwafi layi. Ya ce aikin ya yi yawa. Na ce haka ne.

Talata, 16 ga Disamba

Makon sauya kwantiragi ne. ES yana ƙarewa sau huɗu a shekara, Juma'a ta uku a Maris, Yuni, Satumba da Disamba, haruffansu H, M, U, Z. Na Disamba zai ƙare ranar 19 ga wata, kuma kamar yadda aka saba, kusan mako guda kafin nan ciniki ya fara ƙaura zuwa na Maris. A 'yan kwanakin nan furofayil ɗin kowannensu rabin labari ne.

Babbar matsalar tana kan jadawalin da aka ɗinke, `ES1!`, wanda ke haɗa kwantiragi bayan kwantiragi kamar abu ɗaya. Na Maris yana sama da na Disamba da maki masu yawa, saboda kuɗin ruwa na wata uku ya fi ribar hannun jarin da za a raba a tsakanin. A ce tazarar maki 50 ce, don sauƙin lissafi. Cibiyar da na zana a 6,800 a kan na Disamba, daidai take da 6,850 a kan na Maris. In na bar layin inda yake, ina jiran farashi a wurin da babu wanda ya taɓa ciniki a sabon ma'auni, kuskuren dala 2,500 a kwantiragi ɗaya. Maɓallin `B-ADJ` yana ɗaga tsofaffin farashi da tazarar don ɗinkin ya ɓace, amma layukan da na ja da hannu ba sa bin sa, kuma lambobin baya sun daina zama farashin da aka yi ciniki a kai a zahiri. Na zaɓi in ajiye kowane kwantiragi a fayil ɗinsa, in rubuta tazarar ranar sauyi a wani ɗan teburi, shirin ya riƙa ƙara ta idan zai ɗauko tsohon layi. Kwantiragin Bitcoin na CME, mai BTC 5, kowane wata yake ƙarewa, don haka ban taɓa shi ba tukuna. Ɗinki goma sha biyu a shekara sai na huta.

Abin da ke gabana yanzu shi ne maganar nan ta kashi 80 da ake ta maimaitawa: wai idan kasuwa ta buɗe a wajen yankin ƙimar jiya, ta dawo ciki ta zauna rabin awa biyu a jere, to sau takwas cikin goma za ta ratsa zuwa ɗaya bakin. Ba zan karɓi lambar ba sai na ƙirga da kaina, kuma tun kafin ƙirgar na ga inda za a iya yin maguɗi. "Ta zauna" na nufin kyandir ya rufe a ciki, ko jikinsa duka yana ciki? "Ta ratsa" na nufin ta taɓa bakin, ko ta zo kusa? Wane VAL ma, na mataki ɗaya-ɗaya ko na biyu-biyu? Na rubuta amsoshina a takarda yau, kafin in ga sakamako, don kada zuciya ta ja ni in gyara ma'anar ta dace da abin da nake so: rufewar kyandir a ciki, taɓa bakin cif kafin 4:00 na New York, mataki ɗaya-ɗaya, zaman rana kaɗai. Kwanakin da ke hannuna ba su kai hamsin ba, kuma a cikinsu kaɗan ne suka cika sharaɗin. Ina buƙatar bayanan shekara biyu aƙalla na minti ɗaya-ɗaya, tare da tazarar sauyi takwas da zan nemo in shigar a teburin.